Darasi na Bakwai: Rawar Ƙudan Zuma a Cikin Amya

Mai kiwon zuma ya san wannan abu: da safe ƙuda ɗaya ko biyu ne a kan furen ɗorawa, kafin hantsi ya dubi ludayi bishiyar ta cika da kugi. Wa ya kai labari gida? Wadda ta fara zuwa ce, domin masu fita kiwo duk mata ne. Cikin amya duhu ne, nuni ba ya yiwuwa, sai ta hau jikin saƙa ta yi rawa. 'Yan'uwanta suna bin bayanta, suna taɓa ta da gashin nan biyu na kansu, suna shaƙar ƙamshin furen da ke jikinta.

Idan furen yana kusa, kamar mita 50, zagaye kawai take yi, dama da hagu. Ma'anarsa, ku fita ku duba nan bayan gida.

Idan da nisa, rawar ta canza. Takan miƙe a layi tana karkaɗa ƙugu, ta kewayo ta dama ta maimaita, ta kewayo ta hagu ta sake. Wannan layin ne ke ɗauke da labarin. Saƙa a tsaye take, kuma a wajen ƙudan zuma sama tana nufin inda rana take. In ta haura sama sak, a nufi rana. In ta gangara ƙasa, a ba rana baya. Nisa kuwa yana cikin daɗewar karkaɗawar: daƙiƙa ɗaya kusan kilomita ɗaya ce.

Mu gwada. Da safe rana tana gabas, ɗorawar kuma tana kudu da amya, kilomita biyu. Tsaya ka fuskanci gabas, za ka ga kudu tana hannunka na dama. To haka mai rawar za ta yi: ta miƙa a kwance zuwa dama, tana karkaɗawa kamar daƙiƙa biyu. Da la'asar rana ta koma yamma, ɗorawa tana nan inda take, amma yanzu rawar hagu za ta nufa. Ni dai wannan gyaran lissafi ya fi komai ba ni mamaki.

Karl von Frisch, mutumin Ostiriya, shi ya warware ma'anar rawar, aka ba shi kyautar Nobel a 1973.

Rawar fa kwatance ce, unguwa take kai su, ba ƙofar gida ba. Daga nan ƙamshi da ido ke ƙarasa aikin, wasu ma sukan dawo ba su samu ba. In ruwan furen bai da zaƙi sosai, ko kaɗan ba ta rawar.

Aiki: Da safe ne, gonar riɗi tana yamma da amya. Ina mai rawa za ta nufa a jikin saƙa?