Yadda ake kula da maruru a gida, da lokacin da ya kamata likita ya tsaga shi

Da zarar bazara ta kama a Damagaram, daga watan Maris zuwa Mayu, maruru yakan yawaita. Zafi ya haura digiri 40, gumi ba ya bushewa a hammata da cinya, ga tsadar ruwa da ke sa wasu gidaje rage wanka. Abin da mai maruru ya fi yi kuwa shi ne ya sa yatsu biyu ya matse, ko ya nemi wanda ba ya jin tausayi ya matse masa. A nan ne ƙaramin ciwo yake zama babba.

Maruru yana farawa ne a gindin gashi. Wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira sitafilokok tana zaune a fatar mutane da cikin hancinsu. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba. In ta sami kafa, ta hanyar aski, ko susa, ko gogar tufafi, sai ta shige ƙasan fata. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, kuma gawarwakin wannan yaƙi su ne mugunya. Abin lura shi ne jiki yana gina bango kewaye da mugunyar don kada ta bazu. Wannan bango shi ke tsare ka, kuma shi ne kake fasawa in ka matsa.

Mai matsa yana zaton mugunya waje kawai za ta fito. To, fatar da ke sama ta fi naman da ke ƙasa tauri, musamman in marurun bai nuna ba. Ƙarfin yatsa sai ya fasa bangon ta ciki, ya tura ƙwayoyin cutar cikin lafiyayyen nama da ƙananan jijiyoyin jini. Washegari sai a ga wurin ya ƙara faɗi, ya yi zafi, kaluluwa ta tashi. Ko an yi sa'a wani abu ya fito, sau da yawa na bakin ne kawai. Dunƙulen mataccen naman da ke tsakiya yana nan, bakin ya rufe, bayan kwanaki ya sake tarawa.

Mataki na farko: duba inda ya fito

Kafin ka yi tunanin magani, duba wurin. Akwai wuraren da ba a jinyar su a gida ko da ƙurjin ƙarami ne.

Mafi hatsari shi ne tsakiyar fuska, daga karan hanci zuwa leɓen sama da gefen baki. Jijiyoyin jinin wannan wuri suna haɗuwa da wata babbar mahaɗar jini da ke bayan idanu, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Matse ƙurji a cikin hanci ko a leɓen sama yana iya kai cutar can, jini ya daskare a ciki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana kisa. Kumburin fatar ido, ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi bayan ƙurjin hanci, wannan ba a kwana da shi a gida.

Haka nan kumburin da ke bakin dubura, wanda mutane ke ce wa basir suna ta shan jiƙo alhali mugunya ce ta taru a ciki. Haka na nonon mai shayarwa, da na kan yatsa, da wanda ya taso a ɗuwawu bayan an yi allura, domin wannan yakan yi zurfi cikin tsoka. Sai kumburin matsematsi: ba kowane ƙullutu a nan ne maruru ba. Wani kaluluwa ce, wani kuma hanji ne ya sauko. Wanda ya sa aska a kan hanji ya jawo abin da ya fi ƙarfin kowa a gidan.

Sannan duba mai ciwon. Jariri, mai ciwon suga, mai sikila, mai ɗauke da ƙanjamau, yaron da tamowa ta kama: waɗannan a kai su likita tun ranar farko.

Mataki na biyu: gashi da ruwan ɗumi

In marurun ƙarami ne, a cinya ko hammata ko baya, mai shi kuma lafiyarsa ƙalau ba zazzaɓi, aikin gida ɗaya ne, wato gashi. Ka tafasa ruwa, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumin da bayan hannunka zai iya jurewa. Ka tsoma tsumma mai tsabta, ka matse shi, ka ɗora a wurin minti 10 zuwa 15, kana sake tsomawa in ya huce. Ka yi haka sau 3 ko 4 a yini. Ɗorawa ake yi, ba dannawa ba. Ɗumin yana ƙara gudun jini a wurin, yana tausasa fatar sama, sai mugunyar ta sami hanya mafi sauƙi, ta waje.

Tun ranar farko ka ɗauki biro ka zagaye iyakar kumburin a kan fata. Wannan dabara ta fi amfani gare mu masu baƙar fata, domin jan da littattafan likita ke cewa a duba ba ya fitowa sosai a jikinmu. Abin da za ka bi shi ne inda fata ta yi zafi, ta yi ƙyalli, ta yi tauri. In gobe ya tsallake zanen biron, cutar tana tafiya.

Don raɗaɗi, babba yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya ɗaya ko biyu, kada a maimaita kafin awa 6. Abin da ba a so shi ne shafa toka, man burki, kashin shanu ko garin kafso da aka buɗe. Kafson masu talla a tire ma ɓarnar kuɗi ce: amokisilin da suka fi sayarwa ba ya kashe yawancin wannan ƙwayar cuta, kuma ko maganin da ya dace ba ya ratsa mugunyar da ta riga ta taru yadda ya kamata.

In ya fashe da kansa, madalla. Ka wanke hannu da sabulu, ka share abin da ya fito da auduga, ka wanke wurin da sabulu da tafasasshen ruwan da ya huce, ka rufe da bandeji. Ka ci gaba da gashin kwana biyu ko uku. Tsumman da tawul ɗin kada kowa ya taɓa su, a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana, audugar kuma a ƙone ta. Da yawan gidajen da maruru ke zagaya yara ɗaya bayan ɗaya, tawul guda ne sila.

Mataki na uku: gane lokacin tsagawa

Mu ɗauki misalin ɗan kabu-kabu mai shekara 30 da maruru ya fito wa a bayan cinya, daidai inda yake gogar sirdin babur. Ranar farko ƙullutu ne mai tauri, bai kai kan ɗan yatsa ba. A wannan hali ko likita ba zai tsaga ba, don babu abin da zai fito sai jini. Gashi ne maganinsa, da rage zama a kan babur in da hali. Kwana huɗu yana gasawa, amma yana yini a kan hanya tsakanin Kasuwar Dole da Birni. Ranar ta biyar kumburin ya fi faɗin ƙarfen dala ashirin, yana zuga yana hana shi barci, bai kuma yi baki ba. In aka ɗora yatsa ɗaya a gefe aka taɓa ɗaya gefen a hankali, sai a ji abu yana motsi a ciki kamar ruwa a leda. Wannan laushin shi ne alamar mugunya ta taru, kuma rufin da ke kanta ya yi kauri. Nan gashi ya gama aikinsa, sai wuƙar likita.

Da a ce bai yi laushi ba amma ya kai mako guda yana nan yadda yake, ko yana ƙara girma, shi ma likita zai nufa. Da a ce kuma zazzaɓi ya rufe shi da rawar ɗari, ko kumburin ya tsallake zanen biro, ko wani layi mai zafi ya miƙe daga ƙurjin zuwa matsematsi, to ba a jiran gobe. Kada ya ce masassarar sauro ce ya sha maganinta ya kwanta.

Abin da zai tarar a likita

Tsoron wuƙa ne ke hana mutane zuwa, alhali aikin da wuya ya wuce minti 20, kuma ana yin na sama-sama a likitar unguwa. Mai zurfi ko na wuri mai hatsari ne ake turawa babbar likitar Damagaram.

Za a wanke fatar da betadin, a yi allurar kashe zafi kewaye da wurin. Gaskiya ita ce allurar ba ta kama naman da ya yi mugunya sosai, don haka zai ji wani abu, amma bai kai azabar matsa ba. Sai a tsaga inda ya fi laushi, tsagar da za ta isa komai ya fito. Daga nan likita zai sa ɗan ƙarfe a cikin ramin ya buɗe ƙananan aljihunan da mugunya ta maƙale a ciki. Wannan ne wanzami ba ya yi: huda yake yi da tsinin aska, ƙofar ta yi ƙanƙanta, ta rufe kafin ramin ya bushe, ban da maganar ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Bayan an wanke ramin, in yana da girma a cusa siririn bandeji a ciki don kada bakin ya haɗe da wuri. Ba a ɗinkewa. Daga ƙasa ake so ya ciko ya warke zuwa sama.

Yawanci raɗaɗin yana sauka a daren nan. Zai koma bayan kwana ɗaya ko biyu a cire bandejin ciki a duba, sannan a ci gaba da wanki har ramin ya cike, mako ɗaya zuwa uku gwargwadon zurfinsa. In da zazzaɓi, ko fatar kewaye ta kumbura, ko ƙurajen suna da yawa, likita zai ƙara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su kulokisasilin, ya shanye duka kwanakin da aka rubuta. In wanzami ya riga ya taɓa wurin, ya faɗa, don a duba ko yana buƙatar allurar tetanos.

In yana dawowa

Wanda maruru ke fito wa bini-bini, ko aka ga ƙuraje da yawa sun haɗe wuri guda a ƙeya suna zubar da mugunya ta baki uku ko huɗu, kada ya tsaya ga cewa zafin jini ne ko maiƙo ya yi masa yawa. Ya je a auna sugansa da safe kafin ya ci komai. In awon ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana ya maimaita haka, ciwon suga ne, kuma ƙurajen ba za su daina ba sai an daidaita shi. In sugan lafiya yake, sai a koma kan aska da reza da ake aro, da faratan da ke shiga hanci su fito su sosa jiki, kuma a duba sauran mutanen gidan, domin sau da yawa a jikin wani ƙwayar cutar take zaune.