Kafin ka ajiye aiki, rubuta inda ka tsaya

'Yan uwa masu rubuta manhaja, in za ku bar aiki, kada takardar miƙa aiki ta tsaya a "an kusa gamawa". Na taɓa gadar aikin haɗa biyan kuɗi da irin wannan bayani, sai da na ɓata kwana uku kafin na gano gyaran yana kwamfutar wanda ya tafi, bai tura ba.

Kowane aiki ka faɗi reshensa, abin da aka gwada, da abin da ya rage. Kafin ka tafi, duba wannan:

```
git log --branches --not --remotes
```

Zai nuna duk commit ɗin da ka yi amma ba ka tura ba. Shawarar da ake jira kuwa, rubuta wa zai yanke ta, da zaɓin da ka fi so da dalilinka.