Yadda ake mayar da yabon kwastoma hujjar aiki, da izininsa

Duk mai sana'a a Kano yana da irin wannan saƙon a wayarsa: "Masha Allah, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa." Muna ɗaukar hotonsa mu ɗora a Status, mu zauna jiran ciniki. Addu'a ce mai daɗi, amma ba ta gaya wa mai saye komai ba. Ya san ƙaninka ma zai iya turo maka ita, kuma ya san da waya biyu mutum ɗaya zai iya yabon kansa. Abin da yake son sani shi ne yadda mutumin yake kafin aikinka, yadda ya koma bayansa, da tsawon lokacin da hakan ya ɗauka.

Ni sola nake haɗawa, don haka da ita zan yi misali. Akwai wata Hajiya a Ɗorayi mai yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ta.

Aikin yana farawa ne tun ranar da ka je duba wuri, ba ranar da yabo ya iso ba. A ranar na tambaye ta man da janareta ke sha, ta ce lita 5 a rana in babu wuta, kuma yawanci babu. Na rubuta a littafina da kwanan wata. In ka bari sai bayan wata biyu, mutum ya manta, ko ya ƙara gishiri don ya faranta maka. Tela zai rubuta ranar da ya karɓi ɗinki da ranar alkawari, mai koyar da yara zai ajiye makin jarrabawar farko.

Sai ka yi haƙuri. Yabon ranar da aka gama aiki na murna ne kawai. Na bari sai da aka yi mako 6, sannan na kira. Ban ce "yaya aikin?" ba, domin amsar wannan a garin nan ɗaya ce, "Alhamdulillahi". Cewa na yi: "Hajiya, a makon nan sau nawa kuka tada janareta?" Ta ce sau biyu, shi ma da daddare, duka bai fi lita 4 ba. Wato daga lita 35 a mako zuwa 4. Da lita nake rubutawa, ba da naira ba, saboda farashin mai ba ya zama wuri ɗaya, bayan wata uku lissafin nairar ya zama ƙarya.

Ta kuma ce cinikinta ya ninka. Wannan na ji daɗinsa, amma ban saka ba. Azumi ne ya faɗo a cikin makonnin, kuma a zafin Kano ko wanda ba shi da sola cinikin ƙanƙararsa ninkawa yake yi. Da na saka, mai hankali zai gane, ya daina yarda da sauran maganar. Abin da aikinka ya jawo shi kaɗai za ka ɗauka.

Yanzu izini, inda aka fi yin kuskure. Kada ka tambaya baki da baki kana tsaye a zaure. Bahaushe yana da kara, zai ce "ba komai" alhali ransa bai so ba. Haɗa abin da za ka wallafa ɗin tukuna, daidai yadda zai fita, ka tura masa, ka ba shi ƙofar fita. Ga abin da na tura mata:

"Hajiya barka da yamma. Ina so in saka wannan a Status ɗina da shafina na Facebook, kamar yadda kika gan shi. Babu suna, babu lamba, unguwa kawai. In akwai abin da za a cire ki faɗa, in kuma ba kya so gaba ɗaya wallahi babu damuwa. Ki yi shawara da Alhaji."

Jimlar ƙarshen nan kada ka raina ta in matar aure ce. Izininta shi ne asali, amma ba ka so maigida ya fara ganin maganar gidansa a wayar abokinsa a majalisa. Ta dawo washegari ta ce Alhaji ya yarda, amma a cire maganar firiza biyu, kada dangi su ɗauka kuɗi sun zauna. Mai sana'a ba ya hango irin wannan, shi ya sa ake nunawa. Na cire.

In an yi shiru, ba a yarda ba ke nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma kai ne za ka nuna shaidar an amince. Ta kuma ba mutum damar janye izininsa daga baya. Don haka ajiye amsar, rubutu ce ko murya. Izinin Status, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, bai zama izinin tallan kuɗi da za ka biya ya zagaye gari ba. Wannan sai ka sake tambaya.

Wajen gyara hoton saƙon, yanke saman da ke ɗauke da suna da lamba da hoton mutum. Yankewa ta fi gogewa da alƙalamin waya, domin wani alƙalamin shara-shara ne, in aka ƙara hasken hoton lambar sai ta bayyana. Bar kwanan wata, shi ne rabin hujjar. Kada ka gyara mata Hausa ko ka ƙara kalma. In saƙon murya ne, muryar kanta tana bayyana mai ita, sai da izini na daban.

Hoto kuwa na taɓa ƙona hannuna. Wani Alhaji ya yarda in saka hoton rufinsa, na saka wanda ƙofar gida da lambar layi suka fito. Da magariba ya kira: "Malam, ka gaya wa ɓarayi inda batira suke ke nan?" Na sauke a take, amma wanda ya riga ya ajiye hoton a wayarsa ba ni da iko a kansa. Tun daga nan farantin sola da sama kawai nake ɗauka.

Ga yadda na Hajiya ya fita, a saman hoton saƙonta: "Mai sana'ar ƙanƙara a Ɗorayi. Kafin aiki, lita 35 na mai a mako. Mako 6 bayan aiki, lita 4. A bazara aka auna. Da damina in hadari ya rufe, ko da hunturu in hazo ya kwanta a faranti, janareta zai fi haka aiki. An wallafa da izininta."

Abokan sana'a sun ce maganar damina za ta kori ciniki. Mutum na farko da ya kira, mai shagon aski a Kurna, da ita ya fara: yana so ya san lita nawa a watan Agusta. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen Agustan, zan sake kiran Hajiya in tambaya.