Babi na Shida: Idan Aikinka Yana Cutar da Maƙwabci

Darasi na 1: Lambobi biyu

A gyara zama, kowa ya buɗe sabon shafi ya ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Wanda hannunsa ke rawa ya bi a hankali, layin ba sai ya miƙe sarai ba.

A shekarar 1879 an yi wata shari'a a Ingila tsakanin wani likita mai suna Sturges da maƙwabcinsa Bridgman, mai sana'ar kayan zaƙi a birnin Landan. Bridgman ya daɗe yana daka kayansa a manyan turame. Sai likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya daf da bangon wurin dakan, ƙara ta hana shi aiki. Kotu ta ba likita gaskiya. A 1960 wani masanin tattalin arziki, Ronald Coase, ya ɗauko wannan shari'a ya yi tambaya: bayan alƙali ya yanke hukunci, me zai hana mutanen biyu su zauna su yi ciniki a kan ƙarar?

Mu ari labarin, amma lambobin namu ne na koyo. Kada ku tambaye ni wane irin kuɗi ne, kowane iri ya yi.

A gefen hagu ku rubuta: asarar likita saboda ƙara, 60 a wata. A gefen dama ku rubuta: asarar mai daka idan ya daina, 100 a wata. Ku sa yatsa a kan 60. Wannan ta likita ce, in ana daka. Ku matsar da yatsa kan 100. Wannan ta mai daka ce, in an hana daka. Kowanne yana da abin da zai rasa, ba likita kaɗai ba.

Darasi na 2: Wa ke biya, me ke faruwa

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Tambayoyi biyu ne, kuma daban suke. Ta farko, za a ci gaba da daka ko za a daina? Ta biyu, wa zai biya wa?

A ce doka ta fayyace cewa likita ke da haƙƙin shiru. Yana iya tsayar da dakan yau. Mai daka zai yi asarar 100, don haka ya gwammace ya biya wani abu ƙasa da 100 a bar shi. Likita kuwa ba zai karɓi abin da bai kai 60 ba. Mai daka ya taya 50, likita ya ce albarka. Ya ƙara zuwa 80, likita ya sallama. Mu lissafa. Likita ya karɓi 80, ƙara ta ci masa 60, ya tsira da 20. Mai daka ya biya 80 a maimakon ya rasa 100, shi ma ya tsira da 20. Ana ci gaba da daka.

Yanzu a juya. A ce mai daka ne doka ta ba haƙƙin yin aikinsa. Likita ne zai je neman shiru da kuɗinsa. Nawa zai iya bayarwa? Ba zai wuce 60 ba, don ba mai biyan 70 ya tsere wa asarar 60. Mai daka kuma ba zai ajiye taɓarya a ƙasa da 100 ba. Ciniki bai faɗa ba. Ana ci gaba da daka.

Ku duba ƙarshen sakin layin nan biyu. Magana ɗaya ce: ana ci gaba da daka. Abin da ya canja shi ne aljihu. A karo na farko likita ya samu 80, a na biyu bai samu ko sisi ba, kuma ƙarar na nan a kunnensa.

In na tambaya a aji, “Likita ke da haƙƙi, me zai faru?” sai a amsa baki ɗaya, “Za a daina daka.” A'a. Haƙƙi ya nuna wanda za a je wa da kuɗi. Ko za a daina, wannan sai an koma ga lambobin nan biyu. Wacce ta fi girma? 100. To dakan zai ci gaba. Ku faɗa da baki: haƙƙi yana nuna mai biya, lambobi suna nuna abin da za a yi. Ku sake faɗa. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, ni ma sai da na zana layin nan sau da yawa kafin ya zauna mini.

Mu gwada a juye don a tabbata. Ku goge, ku sa asarar likita 100, ta mai daka 60. In haƙƙi na likita ne, mai daka ba zai wuce 60 ba, likita na son 100, an daina daka. In haƙƙi na mai daka ne, likita ya ba shi 80, an daina daka. Sakamako ɗaya, mai biya daban.

Har yanzu ina ganin masu rubuta amsa ba su kalli shafinsu ba. Malam, Malama, don Allah a daina cinta. Ban sa ku ja layin nan don ado ba. Yatsa a hagu, yatsa a dama, sannan a yi magana.

Sharaɗi ɗaya kada a manta: dole kowa ya san mai haƙƙin. In kowanne na cewa shi ne, ba mai taya wa wani, sai dai a yi ta jayayya.

Darasi na 3: Ɗawainiyar ciniki

A koma lambobin farko, 60 da 100. Tazarar da ke tsakani 40 ce, ita ce ribar da su biyun ke rabawa. Amma ciniki ba kyauta ake yin sa ba. Akwai kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, akwai lokacin da aka ɓata ana zama, akwai sa ido kowane wata a ga an cika alkawari. Duk wannan shi ne ɗawainiyar ciniki.

In ɗawainiyar ta kama 10 a wata, saura 30, za a yi ciniki. In ta kama 50, ta cinye 40 ɗin har da ƙari, ba wanda zai fara. A nan hukuncin alƙali shi ne ƙarshen magana: in likita ya ci, an daina daka, an yi asarar 100 don a tsare 60. Coase kansa ya nanata cewa a zahiri ɗawainiyar nan ba ta rasuwa, shi ya sa wanda doka ta ba haƙƙi ke da tasiri.

Darasi na 4: In mutane sun yi yawa

A ce maƙwabta 30 ne ƙarar ke damu, kowa asararsa 2, jimla 60. In haƙƙin nasu ne, sai mai daka ya sami yardar kowa, na ƙarshe kuma zai turje ya ce sai an ba shi 30. In su ne za su haɗa kuɗi, kowa zai noƙe yana jiran ya ci bulus.

Aikin gida

Asarar likita 90, ta mai daka 120, ɗawainiya 45, haƙƙi na likita. Ku fitar da tazarar, ku rubuta ko za a ci gaba da daka. A zo da shafin da aka ja wa layi.