Cire hauhawar farashi daga lissafin jari

Idan hauhawar farashi ta kai kashi 25, kuma mai jari yana neman ribar kashi 35 a shekara, kada a debe kawai a ce ribar gaskiya kashi 10 ce. A raba 1.35 da 1.25, za a sami 1.08, wato kashi 8. Kuɗin da ake sa ran shigowarsu ma haka za a yi musu: naira 1,250,000 ta baɗi, idan an raba da 1.25, miliyan ɗaya ce a farashin bana, ta shekara ta biyu kuma sai a raba ta da 1.25 sau biyu. Kuskuren da ya fi damuna shi ne a cire hauhawa daga kuɗin amma a yi rangwame, wato mayar da kuɗin gaba zuwa darajarsu ta yau, da kashi 35 maimakon kashi 8, domin hakan yana iya sa sana'a mai riba ta fito kamar asara.