Tumunin Me? Sudusin Me? Inda Lissafin Gado Ya Fi Karkacewa

Duk lokacin da na duba takardun ɗaliban babban aji a darasin mirasi, nakan tarar kusan kowa ya haddace kason magada yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i. Da wuya ka sami wanda bai san matar mamaci na da tumuni idan akwai 'ya'ya ba. Inda ake tuntuɓe shi ne tambayar da ke biye: tumunin wane kuɗi? Daga me za a cire shi?

Mu ɗauki wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya rasu. An yi wa kayan shagonsa kuɗi, an haɗa da abin da ke banki, ya kama naira 2,700,000. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu. An kashe 50,000 wajen likkafani da binnewa, kuma wani mai ba shi kaya yana bin sa 250,000. Ɗalibi mai gaggawa yakan fara rabo a kan 2,700,000. To, wannan ba dukiyar magada ba ce tukuna. Sai an cire hidimar jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya idan akwai, ita ma kada ta wuce sulusin abin da ya rage. A nan babu wasiyya, don haka abin rabo 2,400,000 ne.

Yanzu ga kuskuren da ya fi damu na, domin mai yin sa yana gamawa hankali kwance, lissafinsa ya cika daidai, babu kwabon da ya yi saura. Yakan cire wa matan tumuni, 1/8 na 2,400,000, wato 300,000. Daidai ne. Sai ya dubi ragowar 2,100,000 ya cire wa uwa sudusi daga cikinta, ya sami 350,000. Nan ya zame. Sudusin uwa daga dukiyar gaba ɗaya yake fita, 1/6 na 2,400,000, wato 400,000. Ya tauye tsohuwa naira 50,000 bai sani ba.

Idan kana so ka kama kanka, juya tsarin ka fara da uwa. Ta karɓi 400,000, saura 2,000,000, tumuninsa 250,000, sai ka ga yanzu matan ne suka yi asarar 50,000. Rabon da amsarsa ke canzawa gwargwadon wanda aka fara sallama ba rabon Shari'a ba ne.

Maganinsa shi ne ka ajiye kuɗin gefe ka fara nemo asalin mas'ala, wato mafi ƙanƙantar lambar da 8 da 6 za su raba ba saura. Ita ce 24. Mata suna da 3 cikin 24, uwa tana da 4, ragowar 17 na 'ya'ya ne, domin ɗa namiji ya mai da 'yan'uwansa mata asaba, wato masu ɗaukar ragowa, tare da shi. Sai yanzu za ka taɓa kuɗi: 2,400,000 a raba gida 24, kowane kaso 100,000. Matan su ɗauki 300,000, uwa 400,000, 'ya'ya 1,700,000. Namiji kai biyu ne, mata biyu kai ɗai-ɗai, kawuna huɗu ke nan, kowane kai 425,000. Ɗan zai karɓi 850,000, kowace 'ya 425,000. Ka haɗa duka ka tabbatar ya koma 2,400,000.

Tumunin kuwa guda ɗaya ne komai yawan matan. Uwargida 150,000, amarya 150,000, ko da ɗaya ta shekara talatin a gidan ɗayar kuma wata uku, ko da ɗaya ce kaɗai ta haihu. Masu ba kowace mace tumuninta daban sun mai da shi rubu'i.

Akwai lokacin da kason magada ke fin dukiyar yawa, kuma nan ne ɗalibai ke ruɗewa su ɗauka su ne suka yi kuskure. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uba da uwa, abin rabo kuma 2,700,000 bayan an cire komai. Mata 1/8, 'ya'ya 2/3, uwa 1/6, uba 1/6. Asali 24 ne. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Haɗa su: 27.

Wanda ya nace a kan 24 zai ce kowane kaso 112,500 ne. Ya ba mata 337,500, 'ya'ya 1,800,000, uwa 450,000, sai ya waiwaya ya ga 112,500 kawai ya rage wa uban da ya kamata ya sami daidai da uwa. Wasu sukan rubuta haka su wuce, suna cewa ai uba asaba ne, ragowa yake ɗauka. A'a. Idan mamaci ya bar 'ya'ya mata zalla, uba yana da sudusinsa na farilla, sannan ya ƙara da ragowa in an samu. Ba a ɗora masa giɓin shi kaɗai.

Abin da ake yi shi ne auli, wanda aka fara aiki da shi a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Sai a bar 24 a raba dukiyar gida 27, kowa ya ragu gwargwadon kasonsa. Kowane kaso ya zama 100,000: mata 300,000, 'ya'ya 1,600,000 wato 800,000 kowacce, uwa 400,000, uba 400,000. Wannan mas'ala ita ake kira Minbariyya, saboda an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Aliyu ita yana kan mumbari, ya amsa cewa tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Lallai 3 cikin 27 shi ne 1/9. Ga ma'aunin da za ka duba aikinka da shi: asali 24 ba ya yin auli sai zuwa 27 kaɗai, 12 yana zuwa 13 ko 15 ko 17, shi kuwa 6 yana hawa daga 7 har 10. Idan ka ga 26 ko 14 a takardarka, koma baya, ka ba wani kason da ba nasa ba.

Bayan duk wannan jan kunne a kan cirewa daga ragowa, dole in faɗi wurin da ake yin hakan da gangan. Mas'aloli biyu ne, ana ce musu Garrawaini ko Umariyyataini. Mace ta rasu ba ta haihu ba, ta bar miji da uwa da uba. Miji yana da rabi, 3 cikin 6. Da za a ba uwa sulusin dukiya duka, da ta ɗauki 2 uba ya tashi da 1, ta ninka shi ke nan. Don haka sai a ba ta sulusin ragowar 3, wato 1, uba ya ɗauki 2. Haka idan namiji ne ya rasu ya bar mata da iyaye biyu: asali 4, mata 1, uwa 1, uba 2.

Ɗalibai sukan wuce gona da iri da wannan ƙa'ida. Idan kaka ne, mahaifin uba, a madadin uba, uwa sulusinta cikakke take karɓa. Idan kuma mamacin yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, uwa ta koma sudusi, duk da cewa uba ya katange su ba za su sami ko sisi ba. A mas'alar mata da iyaye biyu asali zai zama 12: mata 3, uwa 2, uba 7. Shi ya sa idan aka kawo maka rabo a unguwa, bayan an lissafa maka masu gado, sai ka sake tambaya ko mamacin yana da yayye ko ƙanne a raye, domin dangi sukan bar su a baya tunda sun san ba za su ci gadon ba.