Jadawalin karatu idan ranar jarrabawa ba ta tabbata ba

Idan yajin aiki ya sa ranar jarrabawar jami'a a duhu, daina ƙirga kwanaki daga ranar.

Da farko raba kowane kwas kashi uku: abin da ka iya, abin da ka ɗan sani, da wanda ba ka taɓa ba. Sai ka tsara mako biyu kawai: kwana huɗu a mako ga kashi na uku, biyu ga tambayoyin baya, Juma'a a bar ta don cike giɓi. Kada ka cika ta da sabon karatu, domin ita ke hana jadawalin rushewa ranar da aka ɗauke wuta ko zazzaɓi ya kama ka.

Kowace Lahadi ka goge makon da ya wuce, ka ƙara sabo a gaba. Da zarar an sanar da rana, mako biyun ƙarshe na bita ne kaɗai.